KUƊIN RIJIYA BA NA WUTAR LANTARKI BA NE: DARASI DAGA WASIƘAR WANI MA'AJIN MASALLACI

Wannan shi ne jawabin da Malam ya gabatar a zaman ƙara wa juna sani na matasa masu hidimar masallatai. Mun rubuto muku shi daga faifan da aka ɗauka. A sha karatu lafiya.

Muna farawa da sunan Allah, muna gode masa, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzonsa da iyalan gidansa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan uwa, abin da aka ce in yi magana a kai shi ne amanar dukiyar masallaci. To, da na duba sai na ga maimakon in yi ta jero muku ƙa'idoji, gara in kawo muku abu guda wanda ya faru, mu bi shi daki-daki. Wata wasiƙa ce na riƙo, wadda wani ɗan uwa matashi, ma'ajin wani masallacin unguwa, ya rubuta wa kwamitin masallacinsu a shekarar 2024. Ya ba ni izinin in karanta ta, da sharaɗin ba zan faɗi sunansa ko sunan masallacin ba. Na zaɓe ta ne saboda da yawanku nan gaba kaɗan ku za a miƙa wa littafin kuɗi da makullin akwati, a ce ai kai ne ɗan boko, kai ka iya lissafi. Kuma ranar da aka miƙa maka, to ka sani akwai ranar da za a ce ka sa hannu a kan abin da bai kamata ba, kuma waɗanda za su ce maka haka ɗin ba ɓarayi ba ne, iyayenka ne, mutanen kirki, masu kyakkyawar niyya. Wannan ita ce jarrabawar.

Ga yadda abin yake. Masallacin nan ba shi da ruwa, a wajen 'yan garuwa ake saye. Sai aka yi shela cewa za a haƙa rijiyar burtsatse. Wata Hajiya a unguwar ta kawo N1,500,000, ta ce sadaka ce mai gudana ga mijinta da ya rasu, a sa a rijiya. Aka kuma yi ta zagayawa da akwati na musamman bayan salla, ana cewa taimakon rijiya, har aka tara N900,000. Ka ga an sami N2,400,000. Mai haƙar ya ce aikin gaba ɗaya, da haƙa da famfo da tanki, N2,600,000 ne. Saura N200,000 ke nan a fara. Ban da wannan, wani ɗan kasuwa ya kawo zakkarsa N300,000 ya ce a raba wa mabuƙatan unguwa.

A ɗaya ɓangaren kuma ga hidimar yau da kullum. Abin da ke shigowa ta akwatin Juma'a da na salloli biyar bai wuce N180,000 a wata ba. Abin da ke fita kuwa, kuɗin wuta N70,000, man janareta N60,000, alawus ɗin liman N50,000, na ladan N25,000, mai shara da gadi N30,000, ruwa N25,000. Jimilla N260,000. Wato duk wata akwai giɓin N80,000. Kun san yadda abubuwa suka kasance tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, komai ya tashi, amma hannun da ke jefa kuɗi a akwati bai ƙaru ba. Wata uku ana haka, bashi ya kai N240,000. Mai sayar da mai ya ce ba zai ƙara bayarwa ba, ladan kuma wata biyu bai ga ko sisi ba, ga shi da iyali.

Sai kwamiti ya zauna. Shugaba ya ce a duba nawa ke banki. Aka duba, N2,760,000. Sai aka ce subhanallahi, muna da kusan miliyan uku a ajiye amma ladanmu yana kwana da yunwa? Aka yanke shawara a ciri N400,000 daga kuɗin rijiya a matsayin aro, a biya bashi, saura a riƙe na wata biyu, in hali ya yi a mayar. Aka ce ma'aji ya sa hannu. Yaron nan bai yi musu a wurin ba, domin sa'o'in mahaifinsa ne. Ya ce a ba shi kwana biyu. Ya koma gida ya rubuta wannan. Bari in karanta muku.

WASIƘAR

"Zuwa ga iyayena, shugaba da 'yan kwamiti. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri. Na ji umurninku na in fitar da N400,000 daga kuɗin rijiya, kuma Allah ya sani damuwarku ita ce tawa, ni ma ina jin kunyar haɗa ido da ladan. Amma ina neman afuwarku, ba zan iya sa hannu ba, ga kuma dalilina.

"Na farko, kuɗin da ke banki wuri ɗaya suke zaune, amma ba abu ɗaya ba ne. A cikin N2,760,000 ɗin nan, N2,400,000 na rijiya ne, N300,000 zakka ce, abin da yake hannunmu mu juya shi yadda muka ga dama N60,000 ne kacal. Saboda haka mu ba masu miliyan uku ba ne, masu dubu sittin ne da ake bin su bashin dubu ɗari biyu da arba'in.

"Na biyu, Hajiya ba ta ba mu kuɗinta mu yi abin da muka ga ya dace ba. Aiken mu ta yi. Ta ce rijiya, muka ce mun ji, muka rubuta mata rasit a kan haka. Mutanen da suka jefa a akwati su ma da bakinmu muka ce musu rijiya. Da mun ce kuɗin man janareta ne, wataƙila wasu da sun bayar, wasu da ba su bayar ba. Ba mu da ikon zaɓa musu bayan sun tafi.

"Na uku, an ce aro ne. Ina roƙon a nuna mini inda za mu samo mu biya. Duk wata muna faɗuwa da N80,000. Wanda bai iya ciyar da kansa ba, da me zai biya bashi? Yau saura N200,000 a fara aiki. In muka ciri wannan kuɗi saura ya koma N600,000, ko da farashi bai motsa ba. In kuma muka saba, wata talatin ya isa mu cinye kuɗin rijiyar duka, ba rijiya, ba kuɗi.

"Na huɗu, ban zo da a'a kawai ba. Ina ba da shawara mu je wurin Hajiya mu faɗa mata gaskiya, in ta yarda a taɓa wani abu daga nata ta rubuta. Mu kuma fito wa jama'a da lissafin wata, mu nemi mutum 40 da kowa zai ɗauki N2,000 duk wata, giɓin ya toshe. Bashin da ke kanmu kuma mu nemi wani mai hali ya ranta wa masallaci ba da ruwa ba. Zakka kuma a raba ta cikin makon nan, zamanta a asusunmu ba alheri ba ne.

"In kwamiti ya ga lallai sai an fitar, to ku ne manya, ga littafi ga makulli, a naɗa wani. Amma ina roƙon a rubuta a littafin zama cewa ban yarda ba. Allah ya haɗa mu a kan gaskiya. Ɗanku, ma'aji."

To wannan ita ce wasiƙar. Ba ta cika shafi biyu ba. Yanzu bari mu tsaya a kan abin da ta ƙunsa, domin yaron ya taƙaita, mu kuma za mu buɗe.

WAKILI BA MAI DUKIYA BA NE

Asalin maganar duka tana kan abu ɗaya, wato matsayin kwamiti a kan wannan kuɗi. Kwamiti ba shi ne mai kuɗin ba. Wakili ne. In mahaifinka ya ba ka dubu biyar ya ce ka sayo maganin kakarka, a hanya ka haɗu da almajiri mai jin yunwa, ba ka da ikon ka saya masa abinci da kuɗin ka dawo ka ce ai shi ma aikin lada ne. Ciyarwa lada ce, ba musu, amma da aljihunka za ka yi ta. Haka nan yake a nan. Allah (T) ya yi umurni a cikin Suratun Nisa'i, aya ta 58, da a mayar da amana ga masu ita, ya kuma buɗe Suratul Ma'ida da umurnin cika alƙawura. Rasit ɗin da aka rubuta wa Hajiya alƙawari ne. Shelar da aka yi a lasifika ita ma alƙawari ce.

Kuma wannan ba sabon abu ba ne da 'yan boko suka kawo. Ku duba asalin wakafi, wanda malamanmu na zaure suke kira hubusi. Ya zo a cikin Buhari da Muslim cewa Sayyidina Umar ya sami wata gona a Khaibar, ya zo yana neman shawarar Manzon Allah (S) a kan yadda zai yi da ita. Aka nuna masa ya tsare asalinta ya yi sadaka da amfaninta. Sai ya gindaya cewa ba za a sayar ba, ba za a bayar kyauta ba, ba za a gada ba, ya kuma lissafa waɗanda za su ci amfanin, kamar matalauta da dangi da matafiyi da baƙo. Abin lura a nan, har shi mai kula da gonar, sai da aka ambata a cikin sharaɗin cewa zai iya ci daidai gwargwado, ba ya tara dukiya da ita ba. Ka ga ko lomar mai kula sai da ta shiga cikin sharaɗi.

Daga nan malaman fiƙihu suka tafi a kan cewa sharaɗin mai wakafi abin bi ne matuƙar bai saɓa wa shari'a ba. Waɗanda suka karanta Muhtasar na Shehu Khalil a babin wakafi sun ga wannan. Kuma a nan ɗin aka kawo misalin abin da aka tsare don gada, sannan gadar ta rushe. In ba a sa ran za a sake gina ta, sai a kai amfanin ga wata irinta. In kuwa ana sa rai, sai a ajiye a jira ta. Ku lura da tsarin. Ba a ce tunda gada ta rushe a kashe kuɗin a duk inda aka ga buƙata ba. An ce ko a jira, ko a kai ga mai kama da ita. To ina ga rijiyar da ba ta gagara ba, saura dubu ɗari biyu kawai a fara?

Na san wani zai ce ai kuɗin da aka tara a akwati ba hubusi ba ne a ƙa'idance. Haka ne, amma illar guda ce, mai dukiya ya fitar da ita da yardarsa zuwa wata fuska da ya ambata, kuma dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa. Daɗin ran nan a kan rijiya ya sauka, bai sauka a kan mita ba.

Zakka kuwa ta fi tsanani, domin ita ba ɗan kasuwan ne ma ya sa mata iyaka ba, Allah ne. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙididdige kashi takwas, kuma abin da jamhurun malaman mazhabobi huɗu suka tafi a kai shi ne ba a gina masallaci da zakka, balle a biya kuɗin wutarsa. In ladan fakiri ne, ana iya ba shi a matsayinsa na fakiri kamar kowane mabuƙaci a unguwa, amma ba a ce wannan ne alawus ɗinka na wata biyu ba. In aka yi haka, masallaci ne ya biya bashinsa da haƙƙin talakawa.

UZURORI GUDA UKU

Akwai maganganu uku da duk ma'aji zai ji, ku riƙe su tun yanzu.

Ta farko, a ce ai duk na Allah ne, rijiya ta masallaci, wuta ta masallaci. To, dukiyar maraya ma ta Allah ce, taka ma ta Allah ce, amma wannan bai sa na sa hannu a aljihunka ba. Kasancewar wuri biyu duk alheri ne bai mayar da su wuri ɗaya ba. Hajiya tana son duk wanda ya yi alwala da ruwan nan shekara da shekaru ladan ya je kabarin mijinta. Man janareta kuwa daren nan zai ƙone. Ba abin da ta nema ba ke nan.

Ta biyu, a ce larura ce. Sai mu tambaya, mene ne zai faru in ba a taɓa ba? Za a yanke wuta, a yi salla da fitila, ladan ya ɗaga murya ba lasifika. Da wahala, amma salla ba ta ɓaci ba, kakanninmu haka suka yi ta. Haƙƙin ladan kuwa gaskiya ne yana da nauyi, amma a wuyan jama'ar da yake kira wa salla yake, ba a wuyan marigayi mijin Hajiya ba. Kuma ba a kiran abu larura alhali ba a gwada ƙofar halal ba. Su wannan kwamiti ba su taɓa tashi sun gaya wa jama'a cewa akwai giɓi ba, kunya ta hana.

Ta uku ita ce mafi daɗin ji, wato aro ne za a mayar. Malamanmu na Malikiyya da suka yi magana a kan wanda aka ba ajiya ya ranci wani abu daga ciki, sun ce in kuɗi ne kuma yana da halin biya, makaruhi ne, in kuwa ba shi da abin biya, haramun ne. To asusun da ke faɗuwa da dubu tamanin duk wata, a wane layi yake? Ga kuma wata ɓarna da ba a gani. A shekarar 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari. Ma'ana ko da an mayar da N400,000 cif bayan shekara, ba za ta sayi bututu da famfon da za ta saya a da ba. Ka mayar da adadi, ba ka mayar da ƙima ba. Jinkirin kansa cin kuɗin rijiya ne.

Ga wanda kuma tsoron Allah bai ishe shi ba, to ya sani ko a dokar ƙasa akwai magana. Dokar Final Kod da aka fara aiki da ita a Arewa a 1960 ta bayyana laifin cin amana a sashe na 311, kuma ya haɗa da wanda aka damƙa wa dukiya ya sarrafa ta cikin rashin gaskiya saɓanin yarjejeniyar da aka yi.  Ranar da magana ta tashi, ba za a tambayi wa ya kawo shawara ba, za a duba sa hannun wa ke jikin takarda.

INA IYAKAR TAKE?

Kada kuma a fahimce ni a wuce wuri, a sami ma'ajin da komai aka ce sai ya ce haramun. Akwai abubuwa uku da ya kamata ku bambance.

Na ɗaya, ba kowane kuɗin da aka keɓe ba ne mai sharaɗi. In kwamiti da kansa ya ɗebi wani abu daga akwatin Juma'a ya ajiye gefe ya ce wannan na fenti ne, to gobe in buƙata ta taso kwamiti yana iya warware shawararsa, domin shi ya ɗaura. Wanda ba ya warwaruwa shi ne wanda mai bayarwa ya ɗaura, ko wanda aka karɓa da sunan wani aiki.

Na biyu, a saurari lafazin mai bayarwa. Wanda ya ce ga wannan a sa a rijiya, ya ɗaure. Wanda ya ce ga wannan ku yi hidimar masallaci, da so samu ne dai rijiya, wannan ya nuna sha'awa ne, bai ɗaure ba, ko da yake kyautatawa ita ce a bi sha'awarsa. In ka yi shakka, tambaye shi nan take kafin ya juya, ka rubuta amsar a jikin rasit. Wanda ya turo ta waya, duba abin da ya rubuta a bayanin turawar, in babu ka kira shi.

Na uku, akwai kashe-kashen da suke cikin aikin ko da ba a ambace su ba. Kuɗin mai binciken inda ruwa yake kafin a haƙa, kuɗin motar da ta ɗauko tanki, man da aka zuba don gwada famfo, duk rijiya ne. Ma'aunin mai sauƙi ne, ka tambayi kanka, da ba a yi maganar rijiya ba, da za a kashe wannan kuɗin? In amsar a'a ce, to na rijiya ne. In kuwa ko da rijiya ko babu sai an biya, kamar alawus ɗin liman da kuɗin wutar fanka, to ba nata ba ne.

YADDA ZA KA GANE AN FARA ZAMEWA

Mafi yawan masallatan da suka cinye kuɗin gini ba zama aka yi aka yanke shawarar ci ba. Asusu ɗaya ne, littafi ɗaya, ana zuba komai ana ɗiba, sai ranar da ɗan kwangila ya zo karɓar kuɗi a ga babu. Maganin wannan gwaji ne guda wanda ba ya cin minti biyar. Ƙarshen kowane wata ka haɗa duk kuɗaɗen da ke da sharaɗi, ka gwada da abin da ke banki da akwati. A misalinmu, rijiya da zakka N2,700,000 ne. Duk ranar da abin da ke hannu ya yi ƙasa da wannan adadi, ko da dubu goma ne, to an riga an ci amana, ko an sani ko ba a sani ba.

Saboda haka a littafinka kowane kuɗi ya sami shafinsa, shafin rijiya daban, na zakka daban, na hidima daban. In da hali a buɗe wa babban aiki asusun banki nasa. Kada kuɗi ya fita sai da hannu biyu. Akwati kuma a ƙirga shi gaban mutum biyu ko uku, su sa hannu, domin wannan kariya ce gare ka kafin ta zama kariya ga kuɗin. Sannan duk wata a manna lissafi a bakin ƙofa, kowa ya gani.

Wani abu kuma da zai raba ku da ciwon kai, shi ne gyara lafazin shela tun farko. Ku duba bambancin Hajiya da mutanen akwati. Ita an san gidanta, ana iya zuwa a nemi izininta. Su kuwa masu N900,000 ɗin nan, wani matafiyi ne ya tsaya ya yi Juma'a ya wuce, wani ya rasu. Wa za ka tambaya? Ko ka tashi a masallaci ka ce jama'a kun yarda, waɗanda suka amsa ba lallai su ne suka bayar ba. Don haka tun ranar shela a ce, muna neman taimakon rijiya, abin da ya yi saura za a ajiye don gyaranta, in ya wuce haka a sa a hidimar masallaci. A rubuta a jikin akwatin. Duk wanda ya jefa bayan ya ji wannan, to ya yarda. Jimla ɗaya ce, amma in ba a faɗe ta a farko ba, ba a iya ƙirƙiro ta a ƙarshe.

YADDA TA ƘARE

Za ku so ku ji abin da ya biyo baya. Ba a ji daɗin wasiƙar ba. Wani dattijo ya ce yaron da aka haifa a gabanmu shi zai koya mana tsoron Allah? Kusan mako biyu wasu ba sa amsa gaisuwarsa da sakin fuska. Amma liman, wanda shi ma yana cikin masu bin bashin, ya ce yaro ya fi mu gaskiya, ni dai kada a biya ni da kuɗin mamaci. Aka tura mutum biyu wurin Hajiya. Ta saurara, ta ce a'a, nata na rijiya ne, kada a taɓa. Ka ga da an ɗiba da an ɗiba ba da son ranta ba. Amma da za su tafi ta kawo N50,000 daban ta ce a ba ladan.

Ranar Juma'a shugaba ya tashi ya karanta lissafin wata kamar yadda yake. Mutane suka yi mamaki, domin da yawa sun ɗauka masallacin yana da kuɗi, tunda kullum suna jin ana maganar miliyoyi. Ba a sami mutum 40 ba, an sami 31. Wato N62,000. Aka rage kunna janareta, sai magariba da isha da asuba. Bashin bai biyu a lokaci ɗaya ba, an ɗauki watanni ana ragewa. Amma an cike kuɗin rijiya an haƙa, kuma daga ranar da ruwa ya fito, N25,000 ɗin 'yan garuwa ta fita daga lissafi. Ashe wani yanki na maganin giɓin yana cikin kuɗin da aka so a cinye don toshe giɓin.

Abin da nake so ku ɗauka daga yaron nan ba ƙin sa hannun kaɗai ba ne, har da yadda ya ƙi. Bai ɗaga murya a zama ba, bai je majalisa yana cewa dattawa za su ci kuɗi ba, bai kira kowa ɓarawo ba. Ya rubuta, ya kawo lissafi, ya kawo mafita, ya kuma nuna a shirye yake ya ajiye makulli. Wasunku in suka ga kuskure sai zafin ƙuruciya ya ɗebe su, a rasa gaskiyar a cikin rashin ladabi. Wasu kuma kunya ta sa su sa hannu suna ƙi a zuci. Duka biyun ba su yi ba. In an ba ka amanar kuɗin jama'a, ka san shafin kowane kuɗi, ka san wa ya ɗaura masa sharaɗi, kuma ranar da aka ce ka ɗebo daga inda ba naka ba, ka nemi kwana biyu, ka ɗauki alƙalami.

Allah ya ba mu ikon riƙon amana, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya karɓi sadakar masu sadaka a inda suka nufa da ita. Nan zan dakata. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.